Inda Anti Tafireta Ta Zuba Shayi

Shagon Anti Tafireta yana ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗaukar hoton fasfo. In mutum biyu suka shiga, sai na uku ya jira a waje. A ciki akwai tebur ɗaya, da kwamfuta, da na'urar kwafi mai cinye takarda in ta ga dama, da fulas ɗin shayi da fentinsa ya goge. Can saman kabad kuma ga tsohuwar tafireta an lulluɓe ta da ƙyalle, ita ce ta jawo wa Anti sunan. Shekara ashirin ta yi tana buga wasiƙu a ofis kafin ta buɗe shagon, kuma ko yanzu da take aiki da kwamfuta, dukan maɓallan take yi kamar sun ci mata amana.

Tana buga takardun neman aiki da kundin ɗalibai, amma abin da aka san ta da shi a garin shi ne littattafan soyayya. Duk wanda ya cika littafin rubutu da labarin masoya, wajenta yake kawowa. Ta ce ta daina ƙirga su tun da suka haura ɗari uku. Ba ta taɓa rubuta ko ɗaya ba, ba ta kuma taɓa cewa za ta iya ba.

Tana da wata ɗabi'a da marubuta ke tsoro. Ba ta karanta labari kafin ta buga, sai dai ta riƙa saninsa yadda yake fitowa daga yatsunta. In labari ya riƙe ta, takan manta da fulas. In ya sake ta, sai ta miƙa hannu ta zuba shayi, sannan ta ɗauki fensir ta yi ɗan ɗigo a gefen layin da ta tsaya. Ba ta cewa komai sai an tambaye ta. Na ji labarin wani matashi da ya karɓi littafinsa ya tarar da ɗigo goma sha tara, ya koma sayar da tayar mota, kuma an ce yanzu yana cikin rufin asiri.

Ni kuwa da na je mata, ban je da tsoro ba. Shekara talatin da biyar ina koyar da labarin ƙasa, ni nake ɗiga wa mutane jan biro, ba a ɗiga mini. Na ajiye littattafan rubutu huɗu a kan teburinta kamar mai ajiye kyauta.

Sai dai in faɗi gaskiya tun yanzu, ba sha'awar adabi ce ta sa ni rubutu ba. Maiɗakina ce ta tafi wajen 'yarmu a wani gari, a kan za ta taya ta rainon jariri na mako uku, sai ga shi an shiga wata na biyar. In na kira, takan amsa gaisuwa, ta tambayi ko na sha maganin hawan jini, ta miƙa wa jikanmu babba wayar. Dalilin kuwa na sani. Lokacin da na yi ritaya muna kwashe littattafaina, wata ambulan ta faɗo daga cikin tsohon littafin taswira. Takardar karɓa ce daga makarantar unguwarzoma, da sunanta a jiki, mai kwanan watan shekara talatin da suka wuce. Ta adireshin makarantarmu ta zo, ni na karɓa, ni na ɓoye, na dawo gida na ce mata har yanzu shiru. Ta karanta ta a tsaye, ta ninke, ta sa a jakarta. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi.

Wani mutumin kirki da sai ya hau mota ya je ya ba da haƙuri. Ni sai na sayi littattafan rubutu huɗu. Dabarata ita ce in rubuta labarin wani malamin makaranta da wata ɗiyar tela, in nuna irin son da ya yi mata da irin wahalar da ƙaddara ta ba su, in aika mata. Na ƙudurta za ta karanta, ta yi kuka, ta haɗa kayanta. Har na share ɗakin.

Bayan mako guda na koma shagon. Na buɗe littafi na farko, na ga ɗigo a shafi na biyu. Na ɗauka ƙuda ne ya yi aikinsa, na sa farce na kankara. Fensir ne. Na ƙirga su duka, ashirin da shida.

"Anti, anya shayin nan bai yi miki yawa ba?" na ce.

"Ni ma abin da na ce ke nan, Malam. Rabona da sake tafasa ruwa sau uku a rana ɗaya har na manta."

Na ja kujera na zauna, ina ji kamar ɗalibin da aka tsayar bayan an tashi. Na nuna mata ɗigon farko.

"Nan ya gan ta a shagon babanta, ya ce ba zai iya rayuwa ba sai da ita," ta ce. "Me ya gani?"

"Ai na faɗa. Idanunta."

"Shafi ɗaya da rabi na idanu. Na buga. To ita fa, me take so a duniya ban da shi? In da motar da ta kawo shi garin ta lalace a hanya, me za ta yi da rayuwarta?"

Ɗiyar telan nan ba ta da aikin yi a littafina sai jiran malami da sunkuyar da kai.

"Ka ba ta abin da take so tun kafin ya zo," ta ce. "Shi ma ka ba shi nasa. Ka bar su su yi wani abu tare da za mu gani da idonmu, mu ce lallai waɗannan sun dace. In ba haka ba, ko ka raba su ba wanda zai ji zafi."

Ta juya shafuka. A babi na biyu malamina ya yi hatsarin mota. A babi na huɗu gobara ta cinye shagon tela. A babi na bakwai ya manta da laima ruwa ya dake shi a ƙofar gidansu.

"Malam, kai da ka koyar da tudu da gangare," ta ce, "yaya aka yi ka fara daga ƙololuwa kana gangarowa? Wanda ya ga mutum ya fito daga ƙarƙashin mota, mura ce za ta tayar masa da hankali? Ƙarami ake farawa da shi. Kuma ba jera su ake yi kamar wanki a igiya ba. Na farko shi zai haifi na biyu. Abin da suka yi don su tsira daga wancan, shi zai jefa su cikin wannan, kuma kowane karo abin da za su rasa ya fi na baya."

Na ce ai haka rayuwa take, musiba ba ta sallama.

"Rayuwa ba ta biyana kuɗin bugu, ba ruwanta da ni. Labari kuwa sai ya ba ni dalili."

Sai ta zo babi na tara, inda ɗigo uku suka jeru. A nan ne na fi alfahari. Ɗiyar tela tana jiran wata muhimmiyar wasiƙa, sai ruwan sama ya ɓalle, jakar ɗan aike ta faɗa cikin kwata, wasiƙa ta narke. Na kwashe shafi biyar ina bayanin yadda hadari ke haɗuwa, don a nan ne ilimina yake.

"Wasiƙar mene ce?" ta tambaya.

"Wasiƙa dai. Mai muhimmanci."

"Ba ka faɗa ba. Har na koma baya in ga ko na tsallake layi." Ta cire tabarau ta goge shi da gefen mayafi. "Malam, na buga wasiƙun da suka ɓata sun fi hamsin. Ruwa ya ci, akuya ta ci, iska ta ɗauke. Ban taɓa yarda da ko ɗaya ba. A labari wasiƙa ba ta ɓata, ɓoye ta ake yi. Ruwan sama ba shi da abin da zai samu. Ka nemo mini mutumin da zai samu wani abu in wasiƙar nan ba ta isa ba, kuma ya zamana yana sonta, don in maƙiyi ne labarin ya zo da sauƙi. Wa ya ɓoye ta?"

Na'urar kwafi ce kaɗai ke gurnani a shagon. Na ce mata ita mai bugu ce, ba alƙali ba, ta buga abin da aka ba ta. Na kwashi littattafaina na fita da irin takun da nake yi in na kori ɗalibi daga aji, sai dai wannan karon ni ne a waje. Borin kunya ne, na sani tun kafin in kai bakin titi.

Kwana tara na yi ina fushi da ita. Na gaya wa abokan zamana na bakin kanti cewa matar nan ba ta san adabi ba, suka gyaɗa kai don ba su san ko wace ce ba. A rana ta goma na zauna na sake karanta littafina, na ga abin da ta gani. Malamina bai taɓa yin laifi ba daga bango zuwa bango. Mota ta yi laifi, wuta ta yi, hadari ya yi. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na ruwan sama.

Na sayi wasu littattafan. Wannan karon ɗiyar tela tana son zama unguwarzoma tun ranar da ta ga yayarta ta sha wuyar haihuwa. Malami yana koya mata lissafi don jarrabawar shiga, ita kuma tana gyara masa rigunansa da duk suka yi masa yawa, tana yi masa dariya. Suka yi aure. Wasiƙa ta zo hannunsa. Makarantar tana wani gari, shekara uku, kuma shi mutum ne mai tsoro: yana tsoron ta ga duniya ta dawo ta ga ashe shi ɗin ba wani abu ba ne. Ya ce zai ba ta gobe. Gobe ta zama mako. Ta ce za ta rubuta wa makarantar ta ji, ya ce ta kawo ya kai mata gidan waya, ya yaga a hanya. Ta ce za ta je da kanta, ya ce ya riga ya bincika, sunanta bai fito ba. Daga ranar ta daina cewa tana da ƙwaƙwalwa. In yaransu suka kawo mata aikin gida sai ta ce su kai wa babansu, ita ba ta da kan karatu, shi kuma yana zaune yana ji.

Wannan shafin sau uku ina ajiye biro kafin in gama shi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba kowa a ɗakin sai ni.

Na kai wa Anti. Da na dawo karɓa, babi goman farko ba ɗigo ko ɗaya. Na ji wani daɗi na wauta, kamar yaron da ya ci goma bisa goma a jarrabawar tona wa kansa asiri. Sai na buɗe babi na sha ɗaya, na ƙarshe, na ga ɗigo babba har fensirin ya huda takarda.

A wannan babin wasiƙa ta fito fili, malami ya yi jawabi mai ratsa zuciya, matar ta yi kuka ta ce ta yafe. Shafi ɗaya da rabi.

"Shekara talatin ya ci, ya biya da shafi ɗaya da rabi?" ta ce. "Ina ma ni ake yi wa irin wannan ragi a kasuwa. Me ya rasa?"

"Ya zubar da hawaye."

"Albasa ma tana sa wannan. Ƙarshen labari saye ake yi, Malam, kuma da abin da mutum ya fi ƙi ya rabu da shi. Tun babi na ɗaya ka nuna mana me yake tsoro. To ka kai shi gaban abin. Kuma kada ka sako mini wani kawu mai kuɗi ko ciwon ajali ya sasanta su. Su biyun suka ƙulla, su za su kwance. Ita ma ka bar ta ta zaɓa, ka daina sa mata magana a baki."

Na tambaye ta, da ɗan haushi, a wace jami'a ta koyi duk wannan. Ta ɗaga kai ta dubi tafiretar da ke saman kabad.

Ta ce a ofishinsu na da akwai wani mai gyaran tafireta da ke zuwa duk ƙarshen wata. Mutum mai shiru, yatsunsa kullum da baƙin tawada, in ya gama gyara sai ya buga layi ɗaya don gwaji ya bar takardar a ciki. Wata ɗaya ya yi mata nisa, sai ta fara kwance 'yar ƙusa guda don a kira shi. Daga ƙusa ta koma tsinke ribon ɗin tawada, daga ribon ta koma lanƙwasa harafi. Shekara biyu tana ɓata kayan gwamnati, ɓarnar tana girma, shi kuma yana gyarawa bai taɓa tambayar yadda aka yi ba, ko da yake yaro ma zai gane.

"Ka ga tashin labari ke nan," ta ce tana dariya. "Na iya wannan tun ina budurwa. Ƙarshen ne ban iya ba."

"Wa ya hana?"

"Ba kowa. Iyayena ba su san da shi ba balle su hana. Yana jira in nuna, ina jira ya faɗa. Aka kawo kwamfutoci, aka daina kiransa. Daga baya na yi aure, mutumin kirki, Allah ya ji ƙansa. Amma da aka yi gwanjon tafiretocin, na sayi tawa." Ta mayar da tabarau. "Shi ya sa ba na yarda da ruwan sama."

Ban sake rubuta babi na sha ɗaya ba. Na ɗauki goman da aka buga, na hau motar safe, na sauka a gidan surukina mijin 'yarmu, gidan da na sha rantsuwa ba zan kwana a cikinsa ba. Na tarar da maiɗakina a tsakar gida tana shanya kayan jariri. Duk jawabin da na haddace a mota ya gudu. Na miƙa mata takardun na ce, "Ni na ɓoye, kuma ba sau ɗaya ba. Yana nan a ciki. Ƙarshen ne babu, don ba nawa ba ne."

Kwana biyu tana karantawa, ni kuma ina zaune a falon suruki ina kallon labarai da ba na ji, yana ta kawo mini ruwa cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. A rana ta uku ta fito da takardun ta zauna nesa da ni kaɗan.

"Baban yara, wasiƙar da na ba ka ka kai gidan waya, da gaske yaga ta ka yi?"

"Da gaske."

Wannan ba ta san da shi ba sai a littafin, kuma na ga yadda ya shige ta.

"Na shiga makaranta a nan," ta ce. "Ta manya. Kwas ne na masu taimaka wa unguwarzoma, wata goma sha takwas, na yi biyu. Ni ce babba a ajin, har malamar Mama take ce mini. Ba zan bari ba."

Ga shi nan, abin da malamina ya fi tsoro, an ajiye mini a gaba kamar yadda Anti ta yi oda. Na tuna gidana da na share, da bencina na bakin kanti inda ake ce mini Malam ana tashi a ba ni wuri.

"Ƙarfe nawa ake shiga aji?" na ce.

"Takwas."

"Akwai nisa?"

Ta dube ni a karo na farko cikin wata shida. "Mota biyu ake hawa. Kuma jakar tana da nauyi."

Yanzu wata bakwai ke nan ina zaune a ɗakin baƙi na gidan suruki, kusa da injin wanki. Ba wanda ya san ni a unguwar sai a matsayin tsohon da ke riƙe wa Mama jaka. Da rana ina yi mata tambayoyin bita, in na karanta sunan wata jijiya ba daidai ba ta gyara mini, ba ta ko sassautawa. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Amma shekaranjiya ta ɗauki rigata da ta yi mini yawa saboda ramar da na yi, ta ce in tsaya ta gwada, tana dariya tana soka allura.

Na rubuta babi na sha ɗaya yadda ya faru, na aika wa Anti ta hannun direban mota. Babin ya dawo bayan mako guda, an buga shi, da littafin rubutuna a sama. Na bi gefen shafukan ɗaya bayan ɗaya ban ga ɗigo ba. A ƙasan shafin ƙarshe ne ta rubuta da fensir cewa shayinta ya huce a kofi, kuma ni zan biya.

Maiɗakina ta karɓa ta karanta, ta buɗe jakarta ta ciro tsohuwar ambulan ɗin nan, ta sa ta tsakanin shafukan, ta rufe. Sannan ta ce in yi sauri in sa takalmi, bakwai ta wuce.